Darasi: Raba Faifai da Hannu Yayin Girka Linux

Duk mai girka Linux zai iso wani shafi da za a tambaye shi yadda yake so a yi da faifan kwamfutarsa. A Linux Mint, zaɓin farko shi ne a goge komai a bar manhajar girkawa ta yi rabon da kanta, na ƙarshe kuma an rubuta masa `Something else`, wato mutum ya raba faifan da hannunsa. Wanda ya ɗauki na ƙarshen zai fuskanci tambayoyi uku: wane tsarin fayil zai ɗora wa kowane yanki, suwaf nawa zai ware, kuma ko zai ba `/home` yankinsa daban. Ana yawan amsa su da tunanin sauri, wato wanne ne zai sa kwamfuta ta fi gudu. A ganina wannan ma'auni ne mara amfani ga mai laftof na gida ko na ofis, domin bambancin gudu tsakanin waɗannan zaɓuɓɓuka bai kai wanda zai ji a aikinsa na kullum ba. Ma'aunin da ya dace shi ne ranar da abu ya lalace, ko wuri ya cika, ko aka buƙaci sake girka tsarin daga farko. Rabon da ya fi sauƙin gyarawa a wannan rana shi ne rabo mai kyau, kuma da shi za mu auna tambayoyin uku.

Bari mu ɗauki kwamfuta guda mu bi ta har ƙarshe: laftof na hannu mai ram giga 8 da faifan SSD giga 256, wanda ke tashi ta hanyar UEFI, kuma Linux kaɗai za a sa masa. Kafin a taɓa komai, a tashi kwamfutar daga filashin girkawa, a buɗe tagar umarni a rubuta `lsblk`. Wannan zai nuna sunan faifan. Idan na SATA ne zai fito a matsayin `sda`, yankunansa kuma `sda1`, `sda2`. Idan na NVMe ne zai fito a matsayin `nvme0n1`, yankunansa `nvme0n1p1` da sauransu. Filashin da aka tashi da shi ma yana cikin jerin, don haka a gane faifai da girmansa, kada a dogara da harafi. Yanki na farko ba shi da muhawara. Kwamfutar UEFI tana neman manhajar tashi ne a wani ƙaramin yanki mai tsarin FAT32, don shi ne tsarin da aka wajabta wa kowace irin wannan kwamfuta ta iya karantawa. A ba shi mega 512, a zaɓi `EFI System Partition` a gurbin `Use as`. Idan da akwai Windows a kan faifan kuma ana son a bar shi, to akwai wannan yanki tuni. Shi za a yi amfani da shi, kuma kada a kuskura a yi masa fomat, domin yin hakan zai hana Windows ɗin tashi.

Tambayar tsarin fayil ta fara ne daga yankin tushe, wanda ake nuna shi da `/`. Uku ne ke takara a nan. Ext4 ya zama tabbatacce a kenel 2.6.28 a Disamban 2008, kuma shi Debian da Ubuntu da Mint suke ɗorawa idan ba a ce musu komai ba. XFS ya fito daga kamfanin Silicon Graphics tun shekarun 1990, kuma Red Hat Enterprise Linux ta mai da shi zaɓinta na asali daga fitowa ta 7 a 2014. Btrfs shi ne ƙaraminsu, openSUSE tana amfani da shi a tushe, Fedora kuma ta koma kansa a kwamfutocin tebur tun fitowa ta 33 a 2020. Mai karatu da ke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama zai so ya san wanne ne ya fi jure mutuwar kwamfuta farat ɗaya. Dukkansu an gina su da wannan a zuciya. Ext4 da XFS suna rubuta abin da suke shirin canzawa a wani kundi kafin su canza shi, don haka idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai su duba kundin lokacin tashi su daidaita kansu cikin daƙiƙu. Btrfs kuwa ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake nema, sai ya gama sannan ya juya alama zuwa can. A dukkansu abin da aka rubuta a daƙiƙun ƙarshe na iya salwanta, amma tsarin kansa yakan tsira. Don haka ɗauke wuta ba shi ne zai raba gardamar ba.

Abin da zai raba ta shi ne sauƙin sake awo da sauƙin gyara. Ana iya faɗaɗa ext4 ko yana kan aiki, ana kuma iya rage shi idan an sauke shi, misali daga filashin girkawa da manhajar GParted. XFS kuwa yana faɗaɗa amma a aikace ba ya raguwa: wanda ya ba shi giga 180 ya kuma gane daga baya cewa yana buƙatar giga 30 daga ciki, sai ya kwashe komai zuwa wani faifai, ya rushe yankin, ya sake gina shi. Ga babbar sabar da ke tara manyan fayiloli wannan ba damuwa ba ce, amma ga laftof mai faifai ɗaya tarko ne. Wannan dalili kaɗai ya isa ya fitar da XFS daga lissafinmu. Game da gyara kuwa, umarnin `fsck` na ext4 ya daɗe ana gwada shi, yana cikin kusan kowane filashin Linux, kuma duk mai gyaran da ya taɓa Linux ya san shi.

Masu son Btrfs za su ce an zalunce shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Yana lissafa hatimin kowane guntun bayani, don haka idan faifai ya fara ɓata fayil a ɓoye zai gane, abin da ext4 ba ya yi wa abin da ke cikin fayil. Yana iya matse bayanai don a sami ƙarin wuri. Yana ɗaukar hoton tsarin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta yadda idan sabuntawa ta ɓata abu za a koma yadda ake jiya. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce yana iya ɗaukar tushe da `/home` a matsayin ƙananan sassa biyu cikin yanki ɗaya, suna cin wuri daga tukunya ɗaya, don haka ba sai an yi ta lissafin giga nawa za a ba kowanne ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ke girka Fedora ko openSUSE ya bar musu Btrfs ɗinsu, tunda sun gina kayan aikinsu a kansa. Amma mu auna shi da ma'auninmu. Hotunan tsari suna riƙe wuri ko bayan an goge fayil, sai mutum ya goge bidiyon giga 10 ya ga babu abin da ya ƙaru, kuma `df` ba ya ba da cikakken labari sai an koma ga `btrfs filesystem usage /`. Ranar sake girkawa kuma, tsira da `/home` ya dogara ga ko manhajar girkawar ta fahimci ƙananan sassan, alhali yanki daban kowace manhaja tana ganinsa. Wanda ya koyi waɗannan zai ci moriyar Btrfs. Wanda yau ne farkon raba faifansa, ext4 ne zai fi yafe masa kuskure. NTFS kuwa, ko da ana son raba fayiloli da Windows, ba a ɗora tushe ko `/home` a kansa, domin Linux ya dogara ga mallaka da izinin kowane fayil irin nasa. A yi masa wani yanki daban na musaya in ana buƙata.

Sai suwaf, wato wurin da kenel ke kai shafukan ram da ba a amfani da su a yanzu don ya buɗe wa masu aiki fili. Tsohuwar ƙa'idar da har yanzu ake maimaitawa ita ce a ba shi ninki biyu na ram. Ta yi ma'ana lokacin da ram bai wuce 'yan megabait ba. A kwamfutarmu za ta ci giga 16, kuma babu aikin da zai cika wannan wuri kwamfutar tana amsa maɓalli, domin ko SSD ya fi ram nauyin tafiya nesa ba kusa ba. Tun kafin suwaf ya kai rabi, linzami zai fara tsalle-tsalle, taga ta ɗauki minti kafin ta buɗe. Wasu kuma sun tsallaka ɗaya gefen, suna cewa da ram giga 8 ba a buƙatar suwaf sam. Su ma sun yi kuskure. Manhajoji da yawa suna riƙe da ram ɗin da suka taɓa sau ɗaya lokacin tashi ba su sake komawa kansa ba. Idan akwai suwaf kenel zai kwashe shi can ya yi amfani da filin wajen ajiye fayilolin da ake yawan buɗewa. Idan babu, ranar da burauza mai shafuka da yawa ta cinye ram, kwamfutar za ta daskare, daga nan kenel ya zaɓi wata manhaja ya kashe ta ba tare da tambaya ba, wataƙila ma wadda ake rubuta takarda a cikinta. Giga 2 zuwa 4 sun isa wannan aiki. Tsoron cewa suwaf zai cinye rayuwar SSD kuma ya fi dacewa da faifan farko-farko. Kwamfutar da ke rubutu a suwaf dare da rana har ya zama barazana, ƙarin ram take nema.

Abu ɗaya ne ke sa a ware suwaf babba, shi ne dogon barci, wanda ake gani da sunan `Hibernate`. Ya bambanta da `Suspend`, inda ram ke ci gaba da shan wuta kaɗan-kaɗan daga batir. A dogon barci kenel yana kwashe abin da ke cikin ram ya rubuta a suwaf, kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, in an kunna ta ta dawo da kowace taga inda aka bar ta. Ga mai laftof da batirinsa ya gaji, a unguwar da wuta kan yi yini ba ta dawo ba, wannan ba ƙawa ba ce. Kenel yana matse abin da zai rubuta, don haka sau da yawa ƙasa da girman ram ma yakan isa, amma ranar da ram ya cika kuma suwaf na riƙe da wasu shafuka tuni, barcin zai ƙi. Abin da ya fi aminci shi ne girman ram da ɗan ƙari. A nan akwai ƙaramin tarko na lissafi: ram giga 8 yana nufin kusan mega 8590 a awon da manhajar girkawa ta Mint ke amfani da shi, don haka wanda ya rubuta 8000 ya ba da ƙasa da ram ɗinsa. Mu za mu rubuta 10000, mu zaɓi `swap area`. A sani kuma cewa ware wurin ba ya kunna dogon barci. Ubuntu da danginsa ba sa nuna shi da kansu, kuma idan `Secure Boot` na kunne kenel yakan ƙi yin sa. Bayan girkawa a adana duk aiki, a gwada da `sudo systemctl hibernate`. Idan kwamfutar ta mutu amma ta tashi fayau ba tagogin da aka bari, to ba a gaya wa tsarin tashi inda zai nemo suwaf ɗin ba, sai a duba fayil ɗin `/etc/initramfs-tools/conf.d/resume`. Kuma duk abin da ke ram, har da kalmomin sirri, zai kwanta a faifan a buɗe in ba a kulle shi ba, abin da mai yawo da laftof ya kamata ya auna.

Wanda ba ya buƙatar dogon barci ba ya ma buƙatar yanki na suwaf. Tun fitowar 17.04 a 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil mai suna `/swapfile`, Mint ma haka take yi idan ba a ware yanki ba, Fedora kuwa tana matse shafukan ne a cikin ram ɗin kansa da abin da ake kira `zram`. Fayil ya fi dacewa da ma'auninmu, tunda ana iya goge shi a yi wani mai girma daban cikin minti biyu:

```
sudo swapoff -a
sudo rm -f /swapfile
sudo fallocate -l 4G /swapfile
sudo chmod 600 /swapfile
sudo mkswap /swapfile
sudo swapon /swapfile
```

Wannan na ext4 ne, kuma sai an ƙara masa layi a `/etc/fstab` kafin ya dawo bayan kowane tashi. A Btrfs fayil ɗin suwaf yana da nasa sharuɗɗa, wani ƙarin dalili na barin sa sai an ƙware. Ana iya dogon barci a kan fayil, amma sai an lissafa daidai inda ya fara a faifai an gaya wa kenel, aikin da yanki ke ɗauke wa mutum.

Tambaya ta uku ita ce ta fi jawo gardama. A `/home` ne takardu da hotuna da saitin kowace manhaja na mai kwamfuta suke zama. Sauran duk abin da ke tushe ana iya sake samo shi daga filashi da intanet. Raba su kamar gina katanga ce tsakanin shago da cikin gida: ana iya rushe shagon a sake gini ba tare da an fitar da kayan ɗaki waje ba. Ranar da sabuntawa ta karya tsarin, ko aka so a bar Mint a koma Debian, sai a sake shiga rabon hannu, a zaɓi tsohon tushe a sa masa alama a gurbin `Format?`, a zaɓi tsohon yankin gida a ba shi `/home` a gurbin `Mount point`, a bar gurbin fomat ɗinsa babu alama. Wannan ƙaramin akwati shi ne wuri mafi haɗari a aikin duka, kuma shafin tabbatarwa da ke fitowa bayan an danna `Install Now` yana lissafa yankunan da za a goge. A karanta shi layi-layi. Sannan a ƙirƙiri mai amfani na farko da tsohon sunansa. Linux yana gane mai fayil da lamba ne, mai amfani na farko a Debian da Ubuntu da Mint da Fedora kuma yana samun 1000, don haka idan mutum biyu ke amfani da kwamfutar a ƙirƙire su bisa jerin da aka bi da farko, in ba haka ba kowa zai tarar da fayilolinsa a hannun ɗan'uwansa har sai an gyara da `chown`.

Hujjar masu adawa ita ce rabon yana tilasta wa mutum ya yi hasashe tun ranar farko, kuma hasashen yakan kuskure. Wannan gaskiya ce, kuma kusan kullum a gefe ɗaya ake kuskuren: a ƙuntata wa tushe. Tsofaffin littattafai sukan ce giga 20 sun isa, alhali Ubuntu kanta giga 25 take nema a matsayin mafi ƙaranci. Manhajojin Flatpak suna taruwa a `/var/lib/flatpak`, na Snap a `/var/lib/snapd`, kowannensu da nasa kayan haɗi masu nauyi. Tsofaffin kenel da fakitin da aka sauke suna zama. Timeshift na Mint kuma, in ba a nuna masa wani wuri ba, a tushe yake tara kwafinsa. Idan tushe ya cika alamominsa sanannu ne: sabuntawa ta tsaya da saƙon `No space left on device`, ko a rubuta kalmar sirri daidai amma shafin shiga ya sake dawowa, alhali `/home` na da fili fal. Umarnin `df -h` zai nuna `/` a 100%, kuma `sudo apt clean` da `sudo apt autoremove` sukan buɗe ɗan numfashi. Maganin hujjar dai shi ne a yi wa tushe yalwa tun farko. A faifanmu mega 60000 ne, kuma wanda ya san zai yi aiki da Docker ko kwamfutocin gwaji na cikin kwamfuta ya kai shi 80000 ko fiye. Amma hujjar tana cin nasara a ƙaramin faifai. A laftof mai giga 64, duk yadda aka yanka ɗaya gefen zai ƙuntata, don haka a can yanki ɗaya da fayil ɗin suwaf ya fi. Daga giga 256 zuwa sama rabon ya cancanci kuɗinsa. A 128 sai mutum ya duba yawan manhajojin da yake girkawa.

Jerin yankunan ma yana da tasiri, kuma ba a cika faɗar wannan ba. Faɗaɗa yanki zuwa filin da ke bayansa aiki ne na daƙiƙu, amma matsar da farkon yanki yana nufin kwashe duk abin da ke cikinsa, aikin da kan ɗauki lokaci mai tsawo, wanda kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa yankin na iya lalacewa. Shi ya sa nake ganin a sa suwaf tsakanin tushe da gida:

```
sda1     512 MB   FAT32   /boot/efi
sda2   60000 MB   ext4    /
sda3   10000 MB   swap
sda4  185000 MB   ext4    /home
```

Idan wata rana tushe ya matse, sai a tashi daga filashi, a goge `sda3`, a ja `sda2` ya cinye wurinsa, a koma amfani da fayil ɗin suwaf. An sami ƙarin giga 10 ke nan ba a taɓa `/home` ba. Sai dai a cire layin tsohon suwaf daga `/etc/fstab`, in ba haka ba kwamfutar za ta riƙa tsayawa minti ɗaya da rabi a kowane tashi tana jiran yankin da babu shi, a kuma gyara fayil ɗin `resume` da aka ambata a sama. Bayan girkawa `df -h` zai nuna gida a kusan 170G, ba 185 ba. Ba sata aka yi ba, awon ne ya bambanta, shi yana ƙirga 1024 inda manhajar girkawa ke ƙirga 1000. Ext4 kuma yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na kowane yanki don tsarin ya sami wurin motsi idan ya cika. A tushe wannan yana da amfani, a bar shi. A gida kuwa kusan giga 9 ne ke zaune a banza, kuma `sudo tune2fs -m 1 /dev/sda4` zai dawo da mafi yawansu.

Akwai abu biyu da yankin gida ba ya yi, kuma rashin saninsu ya fi rashin yankin haɗari. Na farko, ba ya tabbatar da cewa tsofaffin saituna za su dace da sabon tsari. Fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, irin su `.config`, na iya rikita teburin wani nau'in Linux daban. Idan aka ga haka a canza wa babban fayil ɗin suna a sake shiga, tsarin zai ƙirƙiri sabo. Na biyu, yankunan huɗu duk a faifai ɗaya suke. Idan SSD ya mutu, ko aka sace laftof, ko hannu ya kuskure a akwatin fomat, `/home` zai tafi tare da sauran. Kwafin ajiya a wani faifai daban dole ne kafin duk wani aikin rabo, ko da an yi niyyar ba za a taɓa gidan ba.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya tashi kwamfutarsa daga filashin Linux ba tare da ya girka komai ba, ya rubuta `lsblk` da `free -h`, ya kwafe girman faifansa da na ram a takarda. Daga nan ya zana rabon da zai yi, da girman kowane yanki a megabait, ya kuma rubuta a gefen suwaf ko yana buƙatar dogon barci ko a'a. A zo da takardar aji, da ita za mu yi aiki.